Waƙar kacici-kacici mai amsa a layin ƙarshe

"Don Allah ina neman kacici-kacici cikin waƙa na daren tatsuniyar yara a nan Daura, amma amsar ta ɓuya a layin ƙarshe."

Yar'uwa ga guda na haɗa miki, ki fara da kulin kulifita su ce gauta, sannan ki rera:

Kaba ce uwar da ta haife ta,
Baƙo in ya zo sai a kwantar da ita,
In ya tafi a naɗe ta a jingine ta,
Kaka ta tashi, ta bar ma kayanta.

Amsa tabarma ce, tana nan cikin "ta bar ma". Layuka ukun farko su ke ba yaro hanya, na kaba shi ne mai wuya don yaran yanzu ta roba suka fi sani, na naɗewa kuma ya kusa tona asiri shi ya sa na kai shi na uku.

Inda ake samun matsala wajen faɗa ne, mu nan bakinmu yakan ce "ta bam ma", to in kika faɗa haka amsar ta ɓace gaba ɗaya, ki fito da ra ɗin sosai amma kar ki tsaya a wurin ko ki ɗaga murya, masu wayon za su cafke tun ba a je ko'ina ba.

In sun kasa ki maimaita layin ƙarshen a hankali, ƙananan ma su samu rabonsu. In har yanzu shiru sai su ba ki gari, Katsina ko Zango, ki ce kowa ya duba abin da yake zaune a kai.