"Ranki ya daɗe" ko "Ranki ta daɗe"? Yadda ake buɗe wasiƙa zuwa ga babba

Tambaya: "Allah ya gafarta Malam, ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu a ƙasar Argungu. An ɗora mini rubuta wa Babbar Sakatariyar wata ma'aikata a Birnin Kebbi takardar neman gyaran rijiyar burtsatse. Na fara da 'Assalamu alaikum, barka da safiya, ranki ta daɗe, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya.' Wani ya ce akwai gyara. Ina gyaran yake?"

Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka haka bai cuce ka ba. Mu fara da wanda ya fi tsone ido. "Ta" ɗin nan ba ta da wurin zama. Addu'ar da kake yi, rai kake roƙa wa daɗewa, shi kuwa rai namiji ne a nahawun Hausa, ko na mace ne ko na namiji. Abin da ke sauyawa shi ne ɗan wutsiyar da ke nuna mai ran: ranka, ranki, ranku. Saboda haka "ranki ya daɗe" za ka rubuta. Mu a nan yamma bakinmu ya saba da "ranka shi daɗe", kuma Hausa ce lafiyayya, sai dai a takardar ofis gara ka bi daidaitacciya, domin ba ka san daga ina mai karantawa ya fito ba.

"Barka da safiya" kuma gaisuwar baki ce, mai tafiya da agogo. Takardarka tana iya kwana uku a teburin masinja, a buɗe ta bayan la'asar. Imel ma haka, ana iya duba shi da tsakar dare. Cire ta. Ita ko "kamar yadda muke nan lafiya" gadon wasiƙun gida ce, irin waɗanda ɗalibi ke aiko wa mahaifinsa daga makarantar kwana. Tana nuna ku biyun kuna bin juna bashin labarin lafiya, alhali Hajiya ba ta taɓa ganinka ba.

Sallama ba laifi ba ce, ni ma ina yin ta idan na san wanda nake rubuta wa. Amma a Kabi muke, jihar da ta haɗa da ƙasar Zuru, inda Kirista ke da yawa, kuma ka ga kujera kake aika wa takardar, ba mutum ba. Gobe ana iya sauya mai zama a kanta. "Ranki ya daɗe" ba ta bar kowa a waje ba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne laƙabi, don kowane allazi da nasa amanu. "Mai Alfarma" na Sarkin Musulmi ne. "Mai Martaba" na sarakunan yanka ne, kamar Sarkin Gwandu ko Sarkin Kabin Argungu, kuma su ne ake bi da "Allah ya ja zamanin Sarki". "Mai Girma" ya dace da Gwamna da kwamishina da makamantansu, alƙali kuwa "Mai Shari'a". Na taɓa ganin takardar da aka kira wani darakta "Mai Martaba" don neman shiga. Ba a ji daɗinta ba, sai ma ta zama abin raha a ofis. Babbar Sakatariya ma'aikaciyar gwamnati ce, sunan muƙaminta ya wadatar.

Da ni ne kai, bayan adireshinku da kwanan wata a sama, ga yadda zan sa:

Zuwa ga Babbar Sakatariya,
Ma'aikatar (sai cikakken sunanta),
Birnin Kebbi.

Ranki ya daɗe,

NEMAN GYARAN RIJIYAR BURTSATSE

Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna rubuto wannan takarda a madadin ƙungiyarmu domin sanar da ke cewa rijiyar burtsatsen ƙauyenmu ta daina aiki.

Dubi yadda gaisuwar ta tsaya a rabin jimla, buƙata ta biyo ta nan take. Mai tarin fayil a gabanta kan takarda take fara dubawa, sannan layin farko; idan ta iske sakin layi guda cur na kirari da addu'a, sai ta ajiye ta sai anjima. Lura kuma da "muna": tun da da bakin ƙungiya kake magana, kada ka koma "ina" a tsakiya.

Idan imel ne, kan takardar zai koma gurbin da aka tanada a sama, adireshin ma'aikata ya fita, ka fara kai tsaye da "Ranki ya daɗe, Babbar Sakatariya". In kuma al'adarku ce takarda ta bi ta wurin hakimi, ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin adireshinta: "Ta hannun Hakimin", ka sa sunan gundumarku, ka kai masa ya sa hannu kafin ka hau motar Birnin Kebbi.