Kawu ya ci miliyan biyu da rabi a sikirinshot: yaya zan gaya masa ƙarya ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kawuna da ke Rigasa ya turo min sikirinshot ta WhatsApp, wai lambarsa ta ci naira miliyan 2.5 a garaɓasar wani kamfanin waya, amma sai ya tura naira 15,500 kuɗin rajista kafin ƙarfe 6 na yammacin gobe. Har ya fara neman rance. Jikina ya ba ni damfara ce, amma shi ya riƙe ni tun ina yaro, ina jin nauyinsa. Me zan rubuta masa? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka rubuta komai, ɗaga waya ka kira shi, ka roƙe shi abu ɗaya tak: kada ya tura ko sisi, kada ya karanta wa kowa wata lamba, har sai kun yi magana. Wa'adin ƙarfe 6 ɗin nan ba don komai aka sa shi ba sai don kada ya samu lokacin yin shawara da irinka.

Na yi shekaru a teburin karɓar koke na wani banki a nan Kaduna, kuma abin da na lura da shi shi ne, mutanenmu suna ɗaukar sikirinshot kamar takardar shaida. Hoto ne kawai. Yaron da ya iya waya zai ɗora tambarin kamfani, ya rubuta adadin da ya ga dama, cikin mintunan da ba su kai na shan shayi ba. Ka buɗe hoton ka duba: da sunan Kawu a ciki? Galibi babu, sai "Dear Customer". In ka ga WhatsApp ya rubuta "Forwarded many times" a saman saƙon da ya zo masa, to kyautar da aka ce tasa ce shi kaɗai ta zaga gari kafin ta iso Rigasa. Lambar da aka ce a kira kuwa, lambar waya ce mai alƙaluma 11 irin tawa da taka.

Amma kada ka ɓata ƙarfinka wajen gardamar tambari da kuskuren Turanci. Wasu ɓarayin sun iya aikinsu, hotonsu tsaf yake. Hujjar da ba ta faɗuwa ita ce ta inda kuɗin ya dosa. Wanda zai ba ka kuɗi, abu biyu yake bukata: lambar asusunka mai alƙaluma 10 da sunan bankinka. Shi ke nan. Mai miliyan biyu da rabi a hannu ba ya jiran dubu goma sha biyar ɗinka kafin ya motsa. In da gaske akwai wani caji, me ya hana a cire daga cikin kyautar a turo ragowar? Wannan tambayar ce dattawa suka fi saurin kamawa, musamman wanda ya taɓa kasuwa.

Ita 15,500 ɗin ma an zaɓe ta ne. Ba ta da yawa in aka ajiye ta kusa da miliyoyi, kuma ɗari biyar ɗin da ke wutsiya tana sa ta yi kama da lissafin ofis. Sai dai ba ita ce ƙarshe ba. Wata tela daga Kawo ta taɓa zama a gabana da rasit uku na mai POS, ta ƙulle su a bakin zani. Na farko 8,000 na rajista. Washegari aka ce haraji, 27,000. Kwana biyu bayan nan aka ce kuɗin sun maƙale a Babban Banki, sai an biya 60,000 a sake su, ta sayar da keken ɗinkinta guda. Na tambaye ta me ya sa ta biya na ukun, ta ce, "Malam, in na tsaya ai na farkon sun tafi a banza." Da wannan igiyar ake jan mutum. Irin damfarar da ake kira 419 ke nan, daga sashe na 419 na kundin laifuka, kuma akwai doka ta musamman a kanta, ta shekarar 2006.

Abin da ya fi kuɗin rajista haɗari shi ne kiran da ke biyo baya. Murya mai ladabi za ta ce ana son "tabbatar da asusu": a kawo BVN, lambobin gaban katin ATM, da ukun nan na bayansa. Sai saƙo ya shigo da wata lamba, a ce a karanto. Wannan ita ce OTP, kuma amfaninta amincewa da fitar kuɗi. Ba a bukatarta don kuɗi su shigo. Wani lokaci kuma lambar mai alƙaluma 6 ta WhatsApp ce: yana karantowa sun kwashe WhatsApp ɗinsa zuwa wayarsu, da yamma dangi su fara samun saƙo da sunan Kawu wai yana asibiti a taimaka.

Akwai gwaji biyu da nake so ku yi tare, ya gani da idonsa. Ka shigar da lambar asusun da aka ba shi a wayarka kamar za ka yi tiransifa, ka tsaya inda suna ke fitowa, kada ka tura. Yawanci sunan wani mutum ne zai bayyana, ba na kamfani ba. In ma sunan ya yi kama da na kasuwanci, wannan bai wanke su ba, domin akwai masu buɗe irin wannan asusu. Sannan daga layinsa ku kira 300, lambar kula da masu hulɗa da kamfanonin waya ce a ƙasar nan, ku tambaya ko akwai garaɓasar.

Saƙon kuwa, in Kawu ba mai son karatu a waya ba ne, ka yi shi da murya. Ka guji kalmar "an yaudare ka", domin dattijo zai gwammace ya yi asara da a ce ɗan da ya rena ya fi shi wayo. Ga yadda ni zan faɗa:

"Salamu alaikum Kawu, barka da yamma, ya iyali? Na ga hoton da aka turo, Allah Ya kawo rabo mai albarka. Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai. Na bincika, irin hoton nan ana tura wa mutane da yawa, kuma babu sunan Kawu a jiki. Na ce Kawu ya fi ni sanin kasuwa: wanda zai ba mutum miliyan biyu da rabi, me zai hana ya cire dubu goma sha biyar a ciki ya ba da saura? Masu wannan aiki ƙwararru ne, har 'yan boko suna faɗawa hannunsu. Don Allah Kawu a dakata da turawa, kuma ko wa ya kira kada a ba shi BVN, ko lambar kati, ko lambar da ta shigo ta saƙo. Gobe bayan Azahar zan shigo mu kira kamfanin tare. In gaskiya ce, ni zan biya kuɗin da kaina."

Jimlar ƙarshen nan ba za ta ci maka ko kwabo ba, amma tana sauke masa tsoron kada rabonsa ya wuce shi.

In ka je ka tarar ya riga ya tura, ko ya karanta wata lamba, kada ka tsaya faɗa. A kira bankinsa nan take a toshe katin, a canza lambar sirri, a ba su lambar asusun da kuɗin suka shiga da lokacin turawa. Ɓarayin kan kwashe kuɗin cikin mintuna, don haka ba na yi maka alkawarin za su dawo, amma rahoton da aka kai da wuri ya fi samun sa'a. Kada a goge hirar, kada a yar da rasit, da su za ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Ka kuma gaya masa tun yanzu: in wani ya kira nan gaba ya ce shi jami'i ne, zai dawo masa da kuɗinsa in ya biya wani abu kaɗan, su ne dai suka sake dawowa.