Minti goma a gaban masu ɗaukar aiki: shafi nawa, me za a sa?

Tambaya: An kira ni intabiyu, an ce in zo da bayanin minti goma a PowerPoint kan yadda zan rage ƙorafin kwastomomi cikin wata shida. Shafi nawa zan yi, kuma me zan sa a ciki?

Amsa: 'Yar'uwa, shafi shida sun ishe ki, kuma na minti tara za ki shirya. Ragowar mintin na tuntuɓen harshe ne da rigimar majigi.

Shafin farko take ne da sunanki, kada ya wuce rabin minti. Tarihinki yana cikin takardun da ke gabansu. Na sha ganin mai neman aiki ya cinye minti uku yana ba da labarin makarantun da ya yi, aka tsayar da shi bai kai ga batun ba.

A shafi na biyu ki faɗi amsarki kai tsaye, cikin minti ɗaya. Misali: "Zan tantance ƙorafe-ƙorafen, in fara da guda biyu da suka fi yawa, in sa wa kowane ƙorafi wa'adin amsa." Ko an katse ki bayan nan, sun riga sun ji matsayarki.

Na uku shi ne mai wuya, domin ba ki san cikin gidansu ba. Kada ki ƙirƙiri alƙaluma. Ki duba abin da kwastomominsu ke rubutawa a fili a intanet, ki kasa shi gida-gida, sannan ki ce: "Na karanta sharhi 40, 18 a ciki kan jinkirin amsa ne. Hasashe ne daga waje, in na shigo zan gwada shi da bayananku." Lambobin nan misali ne, naki za ki ƙirga. Wannan shafin ya cancanci minti biyu, don a nan ake gane wanda ya yi bincike da wanda ya kwafo.

Na huɗu da na biyar su ɗauki minti huɗu da rabi. Ɗaya ya nuna matakai: me za a yi a watan farko, me za a yi zuwa na uku, sannan zuwa na shida. Ɗayan ya nuna yadda za a auna nasara, kamar awa nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙorafi, da abin da zai iya kawo cikas. A nan za ki saƙa labarin irin aikin da kika taɓa yi, a gajarce. Na shida ya maimaita matsayarki cikin minti ɗaya, ki buɗe ƙofar tambayoyi.

Kan kowane shafi ya zama cikakkiyar jimla. "Jinkirin amsa ne babban ƙorafi" ya fi "Matsaloli". Ki karanta kanun shida a jere. In ba su ba da labarin su kaɗai ba, tsarin da saura.

Ki gwada da babbar murya kina duba agogo, aƙalla sau uku, domin karatun zuci ya fi na baki sauri. In kin haura minti tara, ki cire batu guda, kada ki ƙara gudu. Ki kuma tafi da kwafin PDF, saboda rubutu kan tarwatse a kwamfutar da ba taki ba.