Kyandir mai haɗiye: a ina ya fito?

Tambaya daga ɗan'uwa a zauren masu cinikin kuɗaɗen ƙasashe, wato forex, kan kyandirorin jadawalin farashi: "Salamu alaikum Malam. Na ga bulish ingolfin a EUR/USD, koren ya haɗiye jan gaba ɗaya, na shiga saye, kafin awa biyu kasuwa ta ci sitof los ɗina. Ko dai ban gane siffar ba ne?"

Amsar Malam cikin murya, an mai da ita rubutu:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na buɗe hoton da ka turo. Siffar ka gane ta sarai, wurin ne bai yi ba. Ka ja jadawalin baya kaɗan ka dubi hagu: farashi yana ta kai da komo ne tsakanin layi biyu, kyandirinka kuma a tsakiyarsu ya fito. A irin wannan wuri kore ya haɗiye ja, ja ya haɗiye kore, haka za su yini.

Abin da kyandirin yake faɗa kaɗan ne. Wajen gane siffar, jiki ake kallo, wato tazarar da ke tsakanin inda farashi ya buɗe da inda ya rufe, ba lagwani ba. Idan koren ya rufe sama da inda jan da ya gabace shi ya buɗe, shi ne bulish. Idan jan ya rufe ƙasa da inda koren ya buɗe, shi ne biyarish. Ma'anarsa kawai a cikin wannan ɗan lokaci ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. To rinjayen nan zai ɗore? Kyandir biyu ba za su gaya maka ba. Shi ya sa nake so kafin ka taɓa Buy ka tambayi kanka: me ya zo ya juyar? Alamar juyawa ce, dole a samu faɗuwar da ta gabace ta, kuma faɗuwar ta iso inda masu saye suka taɓa tare farashi a baya, wato safot.

Bari mu ɗauki misali da lissafi, a H4, inda kowane kyandir awa huɗu ne. A ce farashi ya gangaro daga 1.0980 har 1.0800, kuma a wannan 1.0800 sau biyu a baya yana taɓawa ya koma sama. Jan kyandir ya buɗe a 1.0830 ya rufe a 1.0810. Na bayansa ya buɗe a 1.0810, ya nutsa har 1.0790, sannan ya dawo ya rufe a 1.0845. Ka lura da wannan lagwanin da ya leƙa ƙarƙashin safot ya dawo, ni a wurina ya fi girman jikin daraja, domin masu sayarwa sun gwada fasa layin, aka maido su. Ka shiga a 1.0845, sitof ɗinka, wato inda cinikin zai rufe kansa don tsayar da asara, a 1.0780, ƙasa da lagwanin kaɗan, fif 65 ke nan, tunda fif ɗaya shi ne motsin 0.0001. Inda za ka ɗauki riba 1.0975, gab da inda faɗuwar ta faro, fif 130. Ka sa ɗaya kana neman biyu. A girman ciniki na lot 0.01 kowane fif senti 10 ne, asararka idan ta zo dala 6 da rabi.

Yanzu ɗauki wannan kyandirin, ba a canza masa komai ba, amma a ce akwai rizistans, wato inda masu sayarwa suka taɓa tare farashi, a 1.0875 a samansa. Fif 30 kawai ya rage maka kafin ka ci karo da masu sayarwa, alhali ka sa 65. Siffa ɗaya ce, amma wannan ciniki ba ya biya, ka bar shi ya wuce.

Biyarish kuma juya hoton za ka yi: hauhawa ta gabata, ta iso rizistans, ja ya haɗiye kore, sitof a saman lagwani. Idan ka gan shi a gindin doguwar faɗuwa, a kan safot, kada ka bi shi da sayarwa, sau da yawa ƙarshen gudun ke nan.

Sai abu biyu da suke cin kuɗin mutane. Na farko gaggawa. Kyandirin H4 yana iya zama kore shar da saura minti 20, ya rufe da ɗan guntun jiki da dogon lagwani a sama. Har sai ya rufe ake kiransa ingolfin. Na biyu kyandirin da labari ya haifa, kamar rahoton ayyukan yi na Amurka, NFP, da yake fitowa yawanci Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogon Najeriya da Nijar. Zai iya haɗiye kyandir biyar a tashi ɗaya, amma sitof ɗinka zai yi nisa sosai, kuma farashi yana iya dawowa ya cinye wani sashensa.

Naka kuma na ga a M5 ka ɗauka, mai kyandirin minti biyar. Ka fara zana layukanka a D1, mai kyandirin kwana ɗaya, da H4 tukuna, sannan ka sauko. Zana su ka sake turo hoton, mu duba tare.