Mako biyu kafin fitar da sabbin takalman kambas

"'Yan'uwa, sabbin takalman kambas ɗina za su fito nan da mako biyu a Kano. Yaya zan tsara tallansu a Instagram da WhatsApp?"

Ɗan'uwa, kada ka nuna takalmin gaba ɗaya a makon farko. Ranar farko ka saka hoton tafinsa kawai da ranar fitowa. Bayan kwana biyu, igiya da ɗinki. Daga nan gajeren bidiyon wani yana tafiya da shi, ƙafa kawai ake gani.

Rana ta 8 ka bayyana shi sosai: launuka, lambobi daga 39 zuwa 45, da farashi. Farashin nan kada ka ɓoye shi. Mutumin Kano in bai ga kuɗi ba, zai ɗauka ya fi ƙarfinsa, ya wuce kasuwar Sabon Gari. A ranar ka fara rubuta sunayen masu so, kowa da lambar ƙafarsa, ta nan za ka gane lambar da za ta fara ƙarewa. Idan kwana biyu suka wuce babu mai tambayar lambarsa, hoton ne bai yi ba, ka sake ɗauka da hasken safe.

Kwana uku na ƙarshe ka riƙa saka ƙidayar kwanakin da suka rage kullum bayan Isha'i, lokacin da jama'a ke riƙe da waya. Ka fitar ranar Alhamis, masu neman na Juma'a su samu.