Labari ɗaya, takardun aiki uku: ta ina za a fara?

Tambaya: Malam, ina koyar da Hausa a aji huɗu na firamare. Wasu yaran suna karatu ba gargada, wasu har yanzu sai sun haɗa baƙi da wasali, sauran suna tsakiya. An ce in riƙa shirya takardar aiki iri uku a kan labari ɗaya. Yaya zan yi? Daga wata malama a Kano.

Amsa: Malama, kafin ki rubuta tambaya ko ɗaya, ki yanke abin da kike so kowane yaro ya iya a ƙarshen darasin. Abu ɗaya tak, kuma shi ne a duk takardun uku. Abin da zai bambanta su shi ne yawan taimakon da kika sa a ciki, ba yawan tambayoyi kawai ba.

Mu ɗauka labarin a kan rini ne, kin kuma sa wa jimlolin lamba:

1. Kakan Bala marini ne a Ƙofar Mata.
2. Yana zuba ruwa da baba da toka a rijiyar rini, ya bar su su yi kwanaki.
3. Yana tsoma ƙyalle, ya ɗaga, ya sake tsomawa.
4. Ƙyallen yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi.
5. Mai son shuɗi mai duhu sai an tsoma masa sau da yawa, kuɗinsa ma ya fi.

Manufar ita ce yaro ya gano dalilin faruwar abu a cikin labari. Ki fara rubuta takardar 'yan tsakiya, don su ne mafi yawa, daga ita kuma za ki sauka ki hau. Tambaya biyar ta isa: uku da amsarsu take a fili, biyu na "me ya sa". Misali, "Me ya sa ƙyallen ya koma shuɗi? Duba jimla ta 4." Yaro ya amsa da cikakkiyar jimla.

Ta masu rauni ita ce mai wuyar shiryawa, kuma a nan malamai suka fi kuskure. Sai ki ga an cire duk tambayar da ke buƙatar tunani, an bar su da "zagaye harafin b" ko zanen marini. Yaron zai yi shiru yana aiki, amma bai karanta komai ba. Matsalarsa fa haɗa kalma ce, ba rashin hankali ba. Don haka ki bar masa tambayar nan, ki dai rage masa nauyin rubutu: "Ƙyallen ya koma shuɗi saboda ya sha ______", da kalmomi uku a ƙasa: iska, toka, ruwa. Ki lura dukkansu suna cikin labarin, don kada ya ci da canki-canka. Idan kika sa masa "iska, akuya, mota", ko bai kalli labarin ba zai dace. Kalmomi masu tsawo ki rarraba masa su gaɓa-gaɓa a saman takarda: ma-ri-ni, tso-ma-wa. Tambaya uku ta ishe shi.

Su kuwa gwanayen, kada a saka musu da ƙarin tambaya goma irin na baya, wannan horo ne. Ki cire lambar jimla, ki tambayi abin da labarin bai faɗa kai tsaye ba: "Me ya sa shuɗi mai duhu ya fi tsada? Wace jimla ce hujjarka?" Dole yaro ya haɗa jimla ta 3 da ta 5, ya gane cewa yawan tsomawa ƙarin lokaci ne da wahala.

Tambayar farko ta zama iri ɗaya a duk takardun, yadda idan aka zo gyara kowa zai iya ɗaga hannu. Kada kuma ki rubuta A, B, C a kansu, yara sun fi mu saurin gane wace ce ta "daƙiƙai". Ƙaramar alama a kusurwa ta wadatar. Idan babu kuɗin hoton takarda, raba allo gida uku, labarin a sama.

Agogo zai gaya miki ko kin dace. Ya kamata rukunonin uku su gama kusan lokaci guda, a ce cikin minti 15. Idan gwanaye sun ajiye biro a minti 5, amsoshinsu suna kwance a fili cikin labarin. Idan masu rauni sun cike komai daidai, ki rufe takardar ki tambayi biyu daga cikinsu da baki, "Me ya mayar da ƙyallen shuɗi?" In sun yi zuru, zaɓin kalmomin ya yi sauƙi da yawa. Yaron da ya amsa daidai a darasi biyu ko uku a jere, ki miƙa masa ta tsakiya a darasi na gaba ba tare da sanarwa ba.