Buɗe asusun banki a Jamus kafin a samu gida

"Sati biyu ke nan da zuwana Jamus, a ɗakin abokina nake kwana. Banki sun ce sai na kawo Meldebescheinigung, wato takardar shaidar rajistar adireshi. Ya zan yi?"

Ɗan'uwa, asusu na yau da kullum ka nema, shi ya sa. Koma ka ce Basiskonto kake so, wato asusun da ke da muhimman ayyukan banki kawai. Tun 2016 dokar Jamus ta wajabta wa bankuna buɗe shi ga mai zama bisa ƙa'ida, ko ba shi da gida. Fasfo za ka kai, da adireshin da wasiƙa za ta same ka. Na abokinka ya isa.

Kada ka tsaya ga maganar baki. Cike fom ɗin neman Basiskonto, ka riƙe kwafi. Daga nan kwana 10 na aiki gare su su ba ka amsa. In sun hana, dole su rubuto dalili, sai ka kai ƙara BaFin, hukumar da ke sa ido kan bankuna a Jamus.

Inda ni na sha wuya shi ne akwatin wasiƙa. Ban liƙa sunana ba, katin banki ya zo ya koma, na yi ta zaman jiran gawon shanu. Ka liƙa naka yau, ko ka sa c/o, wato ta hannun wane, da sunan abokin a adireshin.

Asusun ba kyauta ba ne, yawanci ana cirar kuɗi duk wata.